Ƙasar ta yi laushi, filoli sun yi kusa: raf zan yi ko gindin fila ɗai-ɗai?

Abba Magini: Assalamu alaikum 'yan uwa. Zan tayar da bene mai hawa biyu, rufinsa dakin, a fili mai kusa da fadama. Faɗin ginin mita 12, tsawo mita 18, filoli 28, tazararsu mita 4 ta gefe ɗaya, mita 3 ta ɗaya gefen. Masu gwajin ƙasa sun haƙa ramuka uku, zurfin mita 2, suka rubuta cewa ƙasar za ta ɗauki 60 kN/m², wato nauyin kusan tan 6 a kowane murabba'in mita, a zurfin mita ɗaya da rabi. Sun tarar da ruwa a mita 1.8, kuma da rani ne. Mai zane ya ce raf, wato shimfiɗar kankare guda ɗaya a ƙarƙashin ginin duka, mai gida ya ce ɓarnar kuɗi ce, a yi wa kowace fila gindinta. Ta yaya ake yanke wannan hukunci?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam Malam Abba. Ɗauki takarda mu yi lissafin tare, domin shi ne zai raba gardamar.

Filar tsakiya tana ɗaukar mita 4 sau mita 3, wato murabba'in mita 12 a kowane dakin. Ginin zama na bulo, idan ka haɗa nauyin dakin da bango da tayil da filasta da mutane, ana ƙiyasta masa kusan 12 kN a kowane murabba'in mita. Dakin uku gare ka, don haka 12 × 12 × 3 ya ba ka 432, ka ƙara nauyin filar kanta, mu ce 450 kN. Ƙara kashi goma cikin ɗari saboda nauyin gindin, ya zama 495. Raba da 60, ka samu murabba'in mita 8.25. Gindi ke nan mai mita 2.9 kowane gefe.

To duba tazararka. Ta ɓangaren mita 3, tsakanin gindi da gindi saura santimita 10 kacal. Mai haƙa ba zai iya barin ƙasa mai kaurin tafin hannu a tsaye ba, balle a laka mai jiƙa. Ramukan za su haɗe su zama kwari ɗaya tun kafin kankare ya zo.

Sai a tara duka. Filolin tsakiya 10 ne, sun ci murabba'in mita 84. Na gefe 14 ne, kowace na ɗaukar kamar 270 kN, gindinta kusan murabba'in mita 5, ya zama 70. Na kusurwa 4, mu ba su 12. Jimilla 166, a gini mai murabba'in mita 216. Ya haura kashi uku cikin huɗu. Abin da aka saba bi shi ne, da zarar gindaye sun ci fiye da rabin filin ginin, a fara duba raf da gaske. Kai ka wuce rabin da nisa.

Raf kuwa, idan aka fitar da shi rabin mita ta kowane gefe, 13 × 19 ne, murabba'in mita 247. Nauyin filolin gaba ɗaya kusan 8,900 kN, ka raba, ya ba ka 36 kN/m². Ƙara 10 na kankaren raf mai kaurin santimita 40, da 5 na daɓen ƙasa da abin da ke kansa, kana wajen 51. Yana ƙasa da 60. Wannan ƙiyasi ne na yanke shawara, mai zane zai fitar da ainihin nauyin kowace fila.

Malam Sani: Ai ba sai an wahala ba. Dama ana zuba jaman fulo a kowane gini. A yi gindayen ƙanana, mita ɗaya da rabi, sannan a zuba jaman fulon da waya a ciki ya haɗe su. Shi ke nan an samu raf.

Injiniya Bala: A'a Malam Sani, a nan ne mutane da yawa ke shiga matsala. Jaman fulo daɓe ne da ke kwance a kan ciko, kaurinsa santimita 10 zuwa 15, aikinsa ya ɗauki mutane da kujeru ya tare danshi. Nauyin fila ba ya bi ta cikinsa, yana wucewa ne kai tsaye zuwa gindin da ke ƙasa. Gindi mai mita ɗaya da rabi murabba'in mita 2.25 ne, ka ɗora masa 495 kN, ƙasar tana jin 220 kN/m², sama da ninki uku na abin da rahoto ya yarda. Filolin tsakiya za su nutse su bar na gefe, daɓen ya tsage zagaye da fila, tsaga ta tashi a karkace daga kusurwar taga.

Injiniya Hadiza: Na yarda da Injiniya Bala cewa gindi ɗai-ɗai ya fita daga lissafi. Amma ban yarda a ce raf ya tabbata ba tukuna, kuma dalilina ramukan gwajin ne.

Nauyin da aka ɗora wa ƙasa yana ratsawa ƙasa kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin abin da aka ɗora. Gindi mai mita 2.9 yana matsa ƙasa har zurfin mita 5 ko 6. Raf mai faɗin mita 13 yana matsa ta har mita 20 ko fiye. Ku kuma mita 2 kuka gani. Idan lakar nan mita 3 ce kawai, ƙarƙashinta yashi mai ƙarfi ko marmara, raf zai zauna lafiya. Idan kuwa laka mai laushi ce har mita 10, za ta riƙa matse ruwanta a hankali shekara da shekaru, ginin ya nutse gaba ɗaya duk da cewa 51 bai kai 60 ba. Ɗaukar nauyi daban, nutsewa daban, kuma a laka nutsewar ce ta fi yanke hukunci. Ku sa a yi haƙa mai zurfi da inji, biyu ko uku, a kusurwoyi masu kallon juna, a ƙirga bugun guduma a kowane mita ɗaya da rabi, a ɗebo laka ba tare da an dagula ta ba a kai ɗakin gwaji a auna yadda take matsewa. 

Abin da raf ke saya maka shi ne daidaito. Nutsewar gini baki ɗaya ba ta cika fasa bango ba, abin da ke fasawa shi ne wata fila ta nutse fiye da maƙwabciyarta. Masu zane suna ƙoƙarin kada bambancin ya wuce ɗaya cikin 500 na tazara, kuma daga ɗaya cikin 300 bango ke fara tsagewa. A tazarar mita 3, milimita 6 ke nan da milimita 10. Ƙasar fadama ba ta zama iri ɗaya, nan tsohon kududdufi ne da aka cike, can yashi ne. Gindaye 28 masu zaman kansu ba za su riƙe bambancin milimita 6 a irin wannan ƙasa ba. Raf mai ƙarfi yana tsallake wurin da ya yi laushi ya miƙa nauyin ga maƙwabtansa.

Sannan tambaya ɗaya, Malam Abba: za ku ɗaga ginin saboda ambaliya?

Abba Magini: Eh ranki ya daɗe, layi huɗu na bulo sama da ƙasa, kusan santimita 90, a cike da jar ƙasa.

Injiniya Hadiza: To idan kubik ɗaya na ƙasa 18 kN ne, wannan cikon kaɗai 0.9 × 18 ne, kusan 16 kN/m², ya fi nauyin dakin guda. 51 ya koma 67. Ko da an rage nauyin ƙasar da kankaren raf ya maye gurbinta, wajen 7, kuna bakin 60 daidai. Ku tambayi masu rahoton ko 60 ɗin nasu ya riga ya cire nauyin ƙasar da za a haƙe ko bai cire ba. Mafita ɗaya ita ce raf mai bim a sama, a bar ɗakunan da ke tsakanin bim babu ciko, a zuba daɓen a matsayin dakin. Amma da ruwa a mita 1.8 da rani, da damina ɗakunan za su cika, sai an yi musu shiri.

Musa na Numan: Mu nan baƙar laka gare mu, mai tsagewa da rani har hannu ya shiga. Ko gida mara bene mai ɗaki uku raf ake yi masa. Ni dai na ɗauka duk inda ƙasa ba ta da kyau raf ne magani.

Injiniya Bala: Taku cutar daban ce Malam Musa. Baƙar laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, shi ya sa ƙaramin gida ya fi shan wahala, ba shi da nauyin da zai danne ta. Raf ɗinku don ya yi tauri ne ya jure ɗagawar gefe. Na Malam Abba don ya baza nauyi ne. Kuma ba kowace ƙasa mai laushi ke son raf ba. Da filolinsa tazarar mita 7 ne da rufin kwano mara nauyi, kamar sito, gindi ɗai-ɗai zai fi arha nesa ba kusa ba. Da kuma an samu ƙasa mai ɗaukar 150 a mita 2 babu ruwa, gindin tsakiya zai dawo mita 1.8, a zurfafa kawai.

Ga abin da za ka nuna wa mai gida. Gindaye murabba'in mita 166 da kaurin rabin mita, kankare kubik 83 ne, ban da bim ɗin da zai ɗaure su. Raf kubik 99 ne, siminti wajen buhu 700 idan ana sa 7 a kubik. Bambancin kankaren bai kai yadda yake tsammani ba. A rodi ne raf zai fi ci, domin shimfiɗa biyu ce, sama da ƙasa.

Idan aka tsaya a kan raf, ka lura da rodin nan sosai. Raf dakin ne da aka kifa: ƙasa ke turo shi sama, filoli na danna shi ƙasa. Saboda haka tsakanin filoli rodin sama ne ke aiki, ƙarƙashin fila kuma na ƙasa. Mai ɗaurin rodin da ya saba da dakin zai juya maka shi idan ba ka tsaya ba. Rodin sama ya zauna a kan kujerun rodi masu ƙarfi, kamar kowane mita ɗaya, in ba haka ba lebura za su tattake shi ya sauka tsakiya inda ba shi da amfani. A fara zuba siririn kankare santimita 5 a ƙasa, a bar santimita 5 tsakaninsa da rodi. Kuma mai zane ya duba ko fila za ta huda raf ɗin, domin 450 kN a kan fila mai santimita 23 wuri ne ƙarami, wani lokaci sai an ƙara kauri a ƙarƙashinta.

Malam Garba: Ku ƙara da tankin ruwa da matakala. Idan duk suna gefe ɗaya, tsakiyar nauyi ta kauce daga tsakiyar raf, ginin zai karkata can ba tare da ya tsage ba. Ana gyarawa da ƙara fitar da raf ta wannan gefen, in iyakar fili ta bari. Ni a ganina ma raf mai bim ya fi shimfiɗaɗɗe a nan, ya fi tauri kuma ya rage kankare.

Injiniya Hadiza: Ya fi tauri, gaskiya ne, amma katako da aikin kafinta sun ƙaru, kuma ramin zai daɗe a buɗe. Laka da ta kwana cikin ruwa ta zama taɓo, 60 ɗin nan ta tafi. Ni zan bar santimita 15 na ƙarshe sai ranar da za a zuba siririn kankaren, da famfo a ramin gefe. Zaɓi tsakanin iri biyun kuma zan jira sakamakon haƙa mai zurfi, domin idan lakar ta yi kauri sosai, maganar za ta koma kan turakun kankare da za su kai nauyin zuwa ƙasa mai ƙarfi.

Abba Magini: Na gode ƙwarai. Tankin yana saman matakala ne, gefen fadamar, kuma ta nan iyakar fili mita ɗaya ce. Gobe zan kai wa mai zane batun tankin da na cikon, in kuma nemi kuɗin haƙa biyu wajen mai gida.