Sanarwar aiki ta kasa haɗa matasa da manya a sashen lissafi

Jama'a, ina neman shawara. Sashen lissafi ne mai mutum 11: matasa 7 da suka gama bautar ƙasa, da manya 4 da suka kusa cika shekara 35 a aiki.

Ana aika umarni ta rukunin WhatsApp. Matasa su amsa nan take, manya kuwa ba sa ɗaukar saƙon waya a matsayin umarni sai sun ga takarda mai sa hannu a fayil. Kuma suna da hujja, domin ranar da mai binciken kuɗi ya zo, takarda yake tambaya. Sakamakon haka, rahoton ƙarshen wata yana makara da kwana 3.

An gwada taron minti 15 kowace Litinin. Matasa suka yi shiru, don ba sa son gyara wa sa'an mahaifinsu magana a gaban mutane, sai bayan taro su yi ƙorafi a waya. Wannan ya fi damuna, domin kuskure yana wucewa ba a tsayar da shi ba.

Shin a riƙa fitar da kowane umarni ta hanya biyu, ko a tsayar da ɗaya? Kuma ta yaya matashi zai nuna wa babba kuskuren lissafi ba tare da an ga rashin kunya ba?