Ina son sayen kirifto na dubu 20, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ₦20,000 da nake son gwada sayen kirifto da su, amma ban taɓa yi ba. Wani a unguwarmu ya ce in tura masa ya saya min. Yaya kuka gani?

Ɗan Kantin Kwari: Wa alaikumus salam. Kada ki tura wa kowa, 'yar'uwa. Abin da aka saya a asusun wani, nasa ne. Buɗe naki da sunanki. Kamfanonin saye da sayar da kirifto Quidax da Busha sun samu amincewar farko daga SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari a Najeriya, a watan Agustan 2024, kuma suna karɓar naira. Sauke manhajar daga shafin kamfanin, ba daga adireshin da aka turo miki a WhatsApp ba, domin akwai na bogi masu kama da na gaske. Za su nemi BVN ko NIN da hoton fuskarki, wannan ƙa'ida ce. Kafin ki zuba ko kwabo, kunna 2FA, wato matakin tsaro na biyu bayan kalmar sirri, da manhajar Google Authenticator, ya fi saƙon waya aminci saboda masu satar layi. Lambobi shida da yake bayarwa, ko wanda ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne kada ki karanta masa.

Sannan ki fara da ₦5,000. Sayi USDT, wani kirifto ne da farashinsa ke bin dalar Amurka, ki sayar, ki mayar da kuɗin bankinki. Za su dawo da ɗan ragi, wannan ragin shi ne cajinsu da tazarar farashin saye da sayarwa. Idan kin ga hanyar fita na aiki, sai ki zuba sauran.

Maman 'yan biyu: Ni dai na sha danna Hamster Kombat, wasan nan na Telegram na neman kirifto kyauta, abin da na samu bai kai kuɗin data ba. Ki haƙura kawai.

Ɗalibi daga Zariya: Hajiya, wannan daban ne, ita saye za ta yi. Ki sayi USDT, ba ya faɗuwa, babu asara ko kaɗan.

Ɗan Kantin Kwari: Da gyara, ƙanena. USDT dala yake bi, idan naira ta ƙara daraja, dubu ashirin ɗinta za su ragu. Asarar da ta fi cin sababbi kuma wajen turawa take. USDT yana tafiya ta hanyoyi da dama: adireshin TRC20 da T yake farawa, na ERC20 da 0x. Hanyar da ta dace da adireshin da aka ba ki, ita za ki zaɓa. In kika saɓa, ba banki ba ne da za ki je ki yi kuka, sau da yawa kuɗin sun tafi ke nan. Duk wanda kuma ya yi miki alƙawarin ninka kuɗi a wata guda, tuna da CBEX da ya rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. To batun halaccinsa fa?

Maman 'yan biyu: Malamai sun saɓa a kai. Je ki tambayi malamin da kika yarda da shi kafin ki zuba kuɗin.