Kashi 25 na fansho zai riƙe gida idan aiki ya tafi?

Baban Sadiq, Kubwa: Jama'a ku raba mu. Duk Janairu muna zama da uwargida mu duba tsarin kuɗin gida, bana ta ce sai na ware ajiyar ko-ta-kwana. Ni kuwa na ce mai asusun fansho ba ya buƙatar haka, in aka sallame ni zan ciri kashi 25 cikin 100 in riƙe gida. Wa ya fi gaskiya?

Nura: Kai ne, Yallaɓai. Ajiye tsabar kuɗi a wannan zamani asara ce, a Disambar 2024 hauhawar farashi ya haura kashi 34. Fansho kuwa ana juya shi, yana ƙaruwa.

Hajiya Rabi: Maganar hauhawa gaskiya ce Nura, amma ka tsallake wata huɗu. Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda bai kai shekara 50 ba sai ya yi wata huɗu da barin aiki bai samu wani ba, sannan ya nema. Daga nan kuma a fara bin takardu: takardar sallama, takardun albashi, shaidar banki, sai an amince kafin kuɗi su faɗo. Me yara za su ci kafin nan?

Mu buga lissafi. A ce albashin da ake cire fansho a kansa naira 250,000 ne. Ana cire maka kashi 8, wurin aiki ya ƙara kashi 10, wato 45,000 duk wata. A shekara biyar 2,700,000 ke nan, ban da riba. Kashi 25 ɗinsa 675,000. In gidanka na cin 180,000 a wata, wata huɗun jira kaɗai sun lashe 720,000. Ranar da kuɗin za su shigo, mai shago da 'yan uwan da ka ranta a wurinsu sun riga sun raba su.

Baban Sadiq: To Hajiya, ai albashina ya fi haka.

Hajiya Rabi: Abin da ke shiga hannunka daban, abin da ake lissafin fansho a kai daban. Wurare da yawa a kan tushen albashi da kuɗin gida da na mota kawai suke cirewa, sauran alawus ba sa ciki. Kada ka yi ƙiyasi, ka buɗe bayanin asusunka ka ga abin da ke ciki.

Maman Ilham, Lugbe: Wannan buɗe bayanin shi ne abin da ya ci mu. Maigidana an sallame su, muka je da ƙarfinmu, ashe kamfanin yana cirewa a takardar albashi amma ya daɗe bai tura ba. Wata ya shiga, wata babu. Ga kuɗin haya na shekara ya zo daidai lokacin, kun san mai gida a Abuja ba ya karɓar "gobe". Katin asibitin da wurin aiki ya ba mu ma ya daina aiki, ina da tsohon ciki. Awarwarona na sayar.

Hajiya Rabi: Allah ya mayar da alheri. Doka ta ba su kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi su tura. Shi ya sa a zaman shekara nake cewa a bi watannin ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga ko sun cika 12. Gibin da ka gani kana bakin aiki ya fi sauƙin bi, ko a ofis ko ta PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, fiye da bayan an karɓe maka katin shiga.

Sani Tela: Ni dai fansho ban yarda da shi ba. Mahaifina ya yi ta sintiri a kan nasa har ya gaji.

Nura: Wancan tsohon tsari ne Malam Sani, wannan asusu ne da sunanka. Hajiya, na yarda da zancen jira. Amma har yanzu ban ga dalilin jibge dubu ɗari bakwai a banki suna narkewa ba. A sayi buhunan masara da shinkafa da kaka, ko a shiga adashe.

Maman Ilham: Adashe? Wanda ba shi da albashi da me zai yi zubi? Shi ne ma abu na farko da ya zame mana bashi.

Hajiya Rabi: Hatsi na yarda, yana rage kuɗin cefane. Sai dai ba ya biyan haya, ba ya biyan asibiti. Ni abin da zan rubuta a tsarin Baban Sadiq: kuɗin cin gida na wata huɗu zuwa shida a inda za a iya cira cikin kwana biyu, hayar shekara a raba ta 12 ana warewa daban, fansho kuma ya zama na ƙarshen taɓawa, tunda abin da ka cira yau daga na tsufanka ya fita. In an samu ƙaruwa a gida, a sake buga kuɗin watan, don na bara ba zai isa ba.

Baban Sadiq: Wata shida ya yi mini nauyi gaskiya. Zan fara da biyu, in kuma nemi bayanin asusun gobe.

Nura: Ni dai ina kan masarata.