Ina cikin duhu ƙirin, amma mai gadi ya nufo ni: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan abu ɗaya yana damuna a Splinter Cell: Chaos Theory, wanda nake bugawa a laftof ɗin yayana idan mun rufe shago. Akwai wani wuri da janareta ke ba da wuta. Na laɓaɓa na kashe shi, wurin ya yi duhu, ma'aunin haske ya sauka har ƙasa. Na ce to, yanzu hanya ta buɗe. Taku biyar ban yi ba sai ga mai gadi ya juyo ya nufo inda nake. Sau huɗu ina maimaitawa, sau huɗu ana kama ni. Abin da ya fi ɗaure min kai, lokacin da janaretan ke aiki na wuce ta bayan mutumin nan bai ko waiwayo ba. Don Allah duk wanda ya taɓa ganin irin wannan, a wannan gem ko wani, ya faɗa mana yadda ta kaya.

Mai Gyaran Waya, Ikeja:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ina zargin hasken sikirin ɗinka ne. Yawancin laftof na hannu da ake kawowa Computer Village fuskarsu ta dushe, sai ka ga wuri baƙi alhali a lissafin gem ɗin akwai haske a wurin. Ni ya faru da ni a Thief. Na ɓuya a wani lungu da na rantse duhu ne, ashe tocin bango na haska ni. Ƙara haske a saitin ka sake gwadawa.

Yaya Mai Koda, Yaba:
Malam Mai Gyaran Waya, rabin maganarka haka take: abin da idonka ke gani da abin da gem ke lissafawa ba ɗaya ba ne. Amma ƙara hasken sikirin ko rage shi ba ya canza komai a wurin mai gadi, domin shi ba sikirin yake kallo ba, lamba ake miƙa masa. Kuma yaron nan ya ce ma'auninsa ya sauka ƙasa, ke nan gem ɗin ya yarda yana cikin duhu. Ba ganinsa aka yi ba, jin sa aka yi.

Ƙanena, duba ƙarƙashin ma'aunin haske, akwai na ƙara. A kansa akwai wata 'yar alama da ke nuna hayaniyar wurin da kake. Muddin ƙarar takunka ba ta wuce alamar nan ba, ba a jin ka. Kusa da inji mai ruri alamar tana hawa, a wuri shiru kuma tana sauka. Duk wanda ke zaune a Legas ya san wannan a jikinsa: idan janaretan maƙwabta na aiki sai a buga maka ƙofa ba ka ji ba, amma da an kawo wuta kowa ya kashe nasa, faɗuwar cokali ma sai ka ji. Da ka kashe janaretan ka sami duhu, amma ka yar da abin da ke rufe takunka. Sannan masu gadin wannan gem suna lura idan wuta ta ɗauke, su zo dubawa, don haka dama ya riga ya taho da zargi. A kwamfuta da tayar linzami ake rage saurin tafiya. Mirgina ta baya har Sam Fisher, jarumin da kake sarrafawa, ya koma tafiyar hawainiya.

Ɗan Agege:
Yaya, ni fa ba ni da linzami, da allon taɓawa na laftof nake yi. Ashe shi ya sa ban taɓa rage sauri ba. Zan ari na maƙwabcinmu yau da dare.

Anti ta Obalende:
Ni labarina akasin naka ne. Na saba da Thief na 1998 tun a kwamfutar babanmu, inda ɗan dutsen nan na ƙasan sikirin ke gaya maka yawan hasken da ke kanka. A can na koyi cewa ba fitila kaɗai ke haska dutsen ba. Idan ka ruga yana ƙara haske, idan ka tsuguna yana dushewa, idan ka zare takobi kuwa ka ƙara tona kanka ko da ba ka matsa daga inda kake ba. Ƙasa ma tana magana: darduma shiru, tayil da ƙarfe kuwa kamar kana buga ganga, shi ya sa ake harba kibiyar gansakuka a shimfiɗa kafin a taka. Da na koma Dishonored na 2012 sai na tafi da wannan tarbiyya, na tsuguna a inuwa a gaban mai gadi ina jiran ya wuce. Nan take ya gan ni. Raina ya ɓaci sosai a ranar, don na ɗauka gem ɗin ne ya lalace. Sai daga baya na gane shi a can abin da ya fi ƙarfi shi ne ko akwai wani abu tsakaninka da idonsa. Inuwa ba ta cetonka idan yana kusa, sai bango ko akwati ko ka haye sama.

Na Mile 12:
Ni dai shawarata ka sa gem ɗin a mataki mai sauƙi ka bindige su kawai. Haka na gama nawa. A Metal Gear Solid ma idan suka gan ni gudu nake yi har ƙararrawa ta lafa.

Anti ta Obalende:
Ɗan uwa, ba hanyar gamawa yake nema ba, so yake ya san dalilin da ya sa aka ji shi. Amma tunda ka ambaci Metal Gear Solid, ka tuna ƙwanƙwasa bango da ake yi don a janyo soja? Wannan ita ce ƙarar da ta kama Ɗan Agege, sai dai kai da gangan kake yin ta.

Yaya Mai Koda, Yaba:
Bari in ba ku abin da ya same ni a ɗan gem da nake haɗawa da Unity, manhajar haɗa gem, don sai da na gina mai gadi da hannuna na fahimci abin. Filin wasan wani wurin ajiye kwantena ne da dare, irin na wajen Apapa.

Kafin a yi maganar haske, mai gadina yana yin tambaya uku. Ɗan wasa yana cikin mita 20? Yana cikin digiri 45 dama ko hagu daga inda fuskata ke kallo? Idan na ja miƙaƙƙen layi daga idona zuwa ƙirjinsa, layin zai isa ba tare da ya bugi kwantena ba? Ɗaya ta faɗi, magana ta ƙare, ko da kana tsaye a ƙarƙashin fitila. Idan duka ukun sun wuce, ba nan take yake ganinka ba. Akwai wata lamba da na sa wa suna zargi, tana cika daga 0 zuwa 1:

```
float gani = haske * (1f - nisa / 20f) * motsi;
zargi += 2f * gani * Time.deltaTime;
```

A ɗauka kana mita 10 daga gare shi, kana tafiya a hankali, wato motsi 1, a inuwa mai haske 0.2. Zargi zai riƙa ƙaruwa da 0.2 a kowace daƙiƙa, kana da daƙiƙa 5 ke nan kafin ya cika. Ka taka ƙarƙashin fitila mai 0.9 a wannan nisan, daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ta ishe shi. Ka zauna a inuwar amma ka ruga, motsi ya zama 2, daƙiƙa 5 ɗin ta koma biyu da rabi. Na sa idan zargi ya kai rabi ya tsaya ya juyo, idan ya cika ya biyo ka. Wannan tsayawar ita ce ke ba ɗan wasa damar ja da baya, kuma da babu ita mutane sai su ce an zalunce su.

Kuskurena na farko a kan lambar haske ne. Na lissafa ta da nisan ɗan wasa daga kowace fitila kawai. Ƙanwata tana gwadawa, ta ɓuya a bayan kwantena, sikirin baƙi ƙirin, amma mai gadin da ke ɗaya gefen filin yana gano ta cikin daƙiƙa biyu. Da na sa lambar ta fito a sikirin sai na ga 0.7. Fitilar tana mita 3 da ita, kwantena na tsakaninsu, hoton ya zana inuwa amma lissafina bai san da inuwar ba. Maganin shi ne jan layi daga kowace fitila zuwa jikinta, idan ya bugi wani abu a cire fitilar daga lissafi. Masu The Dark Mod, wani gem irin Thief, wata hanya suka bi: suna ajiye wani ɗan siffa a inda ɗan wasa yake, su zana shi a ɓoye, su karanta haskensa daga hoton, don lamba da inuwa su zo ɗaya.

Na biyu a kan ƙara ne, kuma ya fi ba ni wahala. Na ce gudu ana jin sa a mita 12. Sai mai gadin da ke cikin ofis, bango tsakaninmu, mita 4 a miƙe, yake fitowa duk lokacin da na wuce. Na koma auna nisan ta hanyar da ƙafa za ta bi da NavMesh.CalculatePath, sai ta ba ni mita 17 ta ƙofa, ya daina ji. Thief tun 1998 ɗaki-ɗaki yake bi da ƙara ta ƙofofi, rufaffiyar ƙofa kuma tana rage ta. Nawa har yanzu da saura: ƙara ba ta bin taga, tunda ƙafa ba ta bi ta nan.

Mai Gyaran Waya, Ikeja:
Na karɓi gyara a kan sikirin. Amma Malam, akwai wadda ban yarda lissafinka ya kama ba. Idan kana cikin duhu amma bayanka akwai ƙofa mai haske, ai mutum zai ga siffarka baƙa. Na sha jin kamar an fi saurin gano ni a irin wannan tsayuwa.

Yaya Mai Koda, Yaba:
A nawa dai babu wannan, hasken da ke jikinka kaɗai nake aunawa. Ina ganin a bakin ƙofa hasken kan ɗan zubo maka, lambar ta hau ba ka lura ba.

Mai Gyaran Waya, Ikeja:
Anya kuwa? Ma'aunina yana ƙasa a lokacin. Zan ɗauki bidiyo in ya sake faruwa.

Ɗan Agege:
Na samo linzamin. Na kashe janaretan, na koma gefe na jira mai gadin ya zo ya duba, sannan na mirgina tayar har ƙasa na bi ta bayansa. Bai juyo ba. Na sake gwadawa da saurin da na saba ina kallon ma'aunin ƙara, ya haura alamar, shi kuma ya waiwayo a daidai lokacin. Na gode Yaya, na gode Anti. Maganar ƙofa mai haske ni ma zan gwada ta a mataki na gaba, sai dai ban san yadda zan raba ta da ƙarar taku ba, sai in tsaya cak in ga abin da zai yi.