Gwajin sharja biyu a allo guda, bidiyon ya ƙi fita da kyau

Abdu mai gyaran salula: Salam ƴan uwa. Ina da shago a Tahoua, na ɗauki bidiyo don in nuna bambancin sharja ta asali da ta jika guda. Salula guda ce, na sharja ta sau biyu daga 20%, minti 30 kowane, duk na ɗauka a kwance. Na jera su sama da ƙasa a CapCut na sa fuskata a kusurwa. Yanzu baƙi ya cika allo, lambar batir ba ta karantuwa, maɓallan TikTok sun rufe mini fuska, murya kuma biyu biyu take fita. Ina na kuskure?

Sani: kai abokina mi ya kai ka wannan wahala, aje salula biyu kan tebur ka ɗauka lokaci guda, ba montaj ba komai

Abdu: Sani guda gare ni irinta, in na kawo wata daban za a ce batir ɗin ne ba sharja ba

Hajiya Rakiya: Ƙanena ya yi daidai da ya yi da guda. Baƙin nan lissafi ne kawai. Allon tsaye 9:16 faɗinsa 1080 tsawonsa 1920, bidiyon kwance in ya shiga faɗin 1080 tsawonsa wajen 608 ne kaɗai, guda biyu 1216 ke nan, ragowar wajen 700 shi ne baƙin da kake gani. Kowane rabi yana son 1080 a 960, to ka sa na farko a babban layi, na biyu ka shigo da shi ta `Superposition` (in turanci ce CapCut ɗinka `Overlay`), ka buɗa kowane da yatsa biyu har ya cika rabinsa. Amma ka sani fa, fiye da kashi ɗaya bisa uku na faɗin zai tafi, in salular ba tsakiya ka aje ta ba lambar batir ɗin ce za ta yanke, sai sake ɗauka.

Abin da ya fi damuna ma ba baƙin ba ne, lokaci ne. Ja kowane bidiyo a hankali har daidai inda alamar sharji ta fito, ka yanke nan, su biyun su tashi tare. Sannan `Vitesse` iri ɗaya, in ka sa 60x minti 30 ya koma daƙiƙa 30, ka sa wa ɗaya 60 ɗaya 50 ka yi wa mutane ƙarya ba ka sani ba. Duba ƙarshe, in ɗaya ya riga ɗaya ƙarewa akwai matsala.

Abdu: Hajiya ta sama tana tsakiya, ta ƙasa ta ɗan karkata hagu

Hajiya Rakiya: to sake ta ƙasan. Manna sikoci a tebur inda salula take, kar mai ɗauka ta motsa, kuma bar ta ta huce tukuna, da zafin Tahoua salula mai zafi da kanta take rage jan wuta, sai ka ɗora wa sharjar banza laifin da ba nata ba ne duka.

Mamman Lawali: ni fa hagu da dama na fi so, salula doguwa ce, kowace ta samu 540 a 1920 ta tsaya cif. haka nake yi in ina nuna ɗinki kafin guga da bayan guga

Hajiya Rakiya: ga riga e, amma shi lamba ƴar ƙarama yake son a karanta, a 540 an ƙara matse ta.

Mamman Lawali: sai ya rubuta lambar da babban rubutu a kai mana, duk minti biyar. ni dai ban sauka ba

Zali: maganar murya, ina ji kana kallon bidiyon da lasifika kana magana, makiro ya kwashi tsohon sautin ya haɗu da na cikin montaj. Sa abin kunne in za ka ɗauki fuskarka, kuma kashe `Volume` na bidiyoyin sharjin duka, ba abin ji ciki sai ƙarar babura. Fuskar kuma maida ta hagu, dama maɓallai ne, ƙasa suna da rubutu, can ƙoli ma akwai rubutun TikTok. Ni kan layin da ya raba biyun nake aje ta, ƴar ƙarama kamar kwata na faɗin allo, in dai ba ta hau lamba ba.

Issufu: don Allah nawa sharjar asalin, tawa ta ƙone jiya da kuran ya dawo

Abdu: Issufu zo shago. Zali na sa abin kunne muryar ta dawo guda. Batir na 64% yanzu, ina jira ya sauka 20 in sake ta ƙasan da dare in an yi sanyi