Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne

Auwalu Direba: Jiya ƙanina ya gaida kawunmu a tsaye, har shi ya fara miƙa masa hannu. Kawu ya ƙi amsawa. Na ce wa yaron durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, sai Kawu ya juyo kaina wai shi ne wadan? A ina na yi kuskure?

Malam na Zage: Ka ɗauko karin maganar da ba a nan take zama ba. Ana faɗinta ne idan mutum ya ƙasƙantar da kai ga wanda bai kai shi ba don wata buƙata, shi ya sa ake ƙarasa ta da cewa in ka tashi da tsawonka za ka tashi. Kawunka gaba yake da ku. Bin na gaba bin Allah, ita ta dace.

Abu Huzaifa: Ni dai ina bayan yaron. A hadisin Anas da ke cikin Tirmizi an tambaya ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa, aka ce a'a, sai musafaha.

Malam na Zage: Hadisin yana nan. To ko a tsaye ne, ya cire takalmi? Ya sassauta murya? Ya ce "an tashi lafiya" ko "ka tashi lafiya"? Hannu kuwa babba ake jira ya miƙo, ka karɓa da biyu.

Maman Hanifa: Kun tuna min kakata, Allah ya jiƙanta. Tana amarya a wani ƙauye kusa da Daura, ta ɗora tuwo, ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakin surukinta, gwiwa biyu, mayafi har goshi, ta ce "ina kwana" can ƙasa-ƙasa. Ashe tsohon kunnensa ya yi nauyi, ba wanda ya gaya mata. Ɗaga murya rashin kunya ne, tashi ba a amsa ba ya fi muni, sunansa kuma ba ya fita bakinta. Haka ta zauna tana jin ƙaurin tuwonta. Sai da uwar miji ta zo ta ce, "Tashi 'yar nan, gobe ki fara yin gyaran murya, ki durƙusa ta inda zai ga inuwarki." Har ta rasu, in jika ya gaishe ta yana tafiya, sai ta ce ba ta amsa gaisuwar ƙeya.

Ɗan Kurmi: To waye wadan a nan, tsohon ko tuwon?

Na Maraɗi: Mu ne wadan. Kafin zaɓe wani ya zube gaban tsohona, babbar riga cikin ƙura, yana "ranka ya daɗe, Baba". Yanzu ko gilashin mota ba ya saukewa.

Ɗan Kurmi: Ya tashi da tsawonsa ke nan.

Abu Huzaifa: Har yanzu ba wanda ya ba ni dalilin durƙuson.

Auwalu Direba: Maman Hanifa, tuwon fa, an ci?