Na manta ko L ne a sama ko g

'Yar aji shida: Assalamu alaikum. A jarrabawar gwaji ta fiziks an ba mu fendulum mai tsawon santimita 90, g = 10 m/s², aka ce mu nemo T, wato lokacin da zai ɗauka ya je ya dawo. Kaina ya ɗaure: T = 2π√(L/g) ne ko T = 2π√(g/L)? Na zaɓi ta farko, na samu sakan 18.8, malam ya soke. Ga WAEC ta matso. Don Allah ya zan yi?

Tsohon malami: Wa alaikumus salam, 'yata. Kin zaɓi daidai, sai dai da ka kika zaɓa. Gaba in kin rikice, ki cire lambobin ki zuba ma'aunansu. L mita ce, g kuwa m/s². In kika raba m da m/s², mitar sama ta cinye ta ƙasa, saura s², kuma √(s²) = s. T lokaci ne, ga sakan ya fito. Gwada ɗayar: g/L zai ba ki 1/s², ki ƙare da 1/s, wanda ba lokaci ba ne. Sai ki watsar da ita.

Inda kika zame shi ne 90 ɗin. Kin raba santimita da mita, alhali ba sa cinye juna. Ki rubuta canjin a fili: 90 cm × (1 m / 100 cm) = 0.9 m. To 0.9/10 = 0.09, √0.09 = 0.3, ki ninka da 2π, ya zama kusan sakan 1.88. Ki kuma riƙa duba amsa da ido. Igiyar da ba ta kai mita ɗaya ba, a ce dutsen da ke bakinta sai ya yi sakan 19 kafin ya je ya dawo? Ko lilon yara bai kai haka ba.

Ɗan boko: Ai shi ke nan, ƙanwata. Duk fomular da ma'auninta ya daidaita hagu da dama, rufe ido ki yi aiki da ita.

Tsohon malami: A'a, samari, kada ka kai ta ka baro. 2π ba shi da ma'auni. Da ta manta shi, 0.3 za ta samu, shi ma sakan ne, kuma kuskure ne. Haka ½ na cikin s = ut + ½at². Dabarar tana kama fomular da ta karkace, amma ba ta shaidar wadda ta wuce.

Maman biyu: Ni faɗin fili ne ya kayar da ni a zamaninmu. Aka ba ni 500 cm², na raba da 100 na rubuta 5 m². Ashe sau biyu ake rabawa, tsawo da faɗi, wato da 10,000, amsar 0.05 m². Har yau abin na ci mini rai.

Ɗan boko: Na karɓi gyara, Malam. Amma a JAMB ina lokacin wannan dogon rubutu? Agogo na gudu fa.

'Yar aji shida: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To Malam, shi 2π ɗin, ba wata dabara sai hadda ke nan?